Matakan koyarwa tara na masanin ilimi Gagne a cikin minti 40, ina na kuskure?

Mai tambaya: Salamu alaikum malamai. Ina koyarwar gwaji a wata firamare ta nan Jos, aji 5, yara 58. Tun asuba na taso daga Rikkos cikin sanyin nan, na sayi lemo da kuɗina na yanka a gabansu don jan hankali, ajin ya kaure da murna. Na faɗi manufa, na koyar da 1/2 + 1/4. Da na ba su gwaji, fiye da rabi suka rubuta 2/6. Mai duba mu zai zo Alhamis. Ku taimaka.

Tsohon malami, Bukuru: Wa alaikis salam 'yata. Lemon nan minti nawa ya ci? Ina zargin daga bayani kika tsallaka zuwa gwaji, kika bar mataki na 5, 6 da 7: jagora, su gwada da kansu, ki gyara nan take. Jan hankali da manufa minti 3 sun isa. Ki ba tuna baya minti 5, ki tambaye su kwata nawa ne a cikin rabi. In ba su ce biyu ba, kada ki wuce. Bayani 8, jagora 6: kowa ya ninke takarda gida huɗu, ya shafe rabi, ya ƙara kwata, ya ƙirga. Sai minti 10 su yi 1/2 + 1/8 kina zagayawa. Wanda ya rubuta 2/6 haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa ya yi. Tambaye shi: ka ƙara wani abu a kan rabi, yaya ya koma bai kai rabi ba? Sauran 8 na gwaji da bita.

Wata malama: Yara 58? Ni 90 gare ni, ko alli da kuɗina nake saya. Zagayawa ta ina?

Ɗalibin ilimi: Ai mataki na 6 da na 8, wato gwaji, duk ɗaya ne, tambaya ce. Ki haɗe su.

Tsohon malami: A'a ɗana. A na 6 yaro na da damar kuskure, ana gyara masa. A na 8 hannunki a baya, awo kike yi. Haɗe su ne ya haifar da 2/6.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma na tambaye su ko sun gane, duk suka ce e. Kuma lemon minti 12 kawai ya ci, ba don shi ba da ba su saurare ni ba.

Wata malama: Ki raba matakai taran kwana biyu, ki huta.

Mai tambaya: Mai duba mu darasi ɗaya zai gani fa. Takardar ninkewa 58 kuma a ina zan samo kafin Alhamis?