LPG ko CNG, wanne zan sa wa motata?

Mai Tambaya: Salam 'yan uwa, ina neman shawara. Ina so in maida motata gas amma na rasa na zaɓa tsakanin LPG, wato irin gas ɗin girki, da CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya. Ƙaramar mota ce, tana min kilomita 10 a litar fetur, kullum ina yin kamar kilomita 90, sannan duk wata ina tafiyar kilomita 400. Mai haɗawar ya ce tukunyar CNG lita 60 ce, ta LPG lita 50. Ke nan CNG ta fi nisa ko?

Ɗan Gareji: Wa alaikumus salam. A'a ɗan uwa, lita 60 ɗin nan ita ke ruɗa mutane, girman cikin tukunyar ne kawai, wato ruwan da za ta ci in da ruwa aka zuba. CNG ba ya zama ruwa, iska ce ake dannawa da ƙarfi har bar 200, kuma abin da ke shiga tukunyar lita 60 bai wuce kubik mita 12 zuwa 14 ba. Kubik mita ɗaya kuwa kusan aikin litar fetur ɗaya yake yi. To a motarka ka sa ran kilomita 120 zuwa 150, shi ke nan sai ta koma fetur.

LPG shi ruwa ne a cikin tanki, matsinsa ma da wuya ya wuce bar 10. Ba a cika shi fal, akwai bawul da ke tsayar da shi a kashi 80 cikin ɗari saboda in ya ji zafi kumbura yake, don haka a lita 50 ɗin lita 40 za ka samu. Mota ta fi shansa kan fetur da kamar kashi 20, mu ce kilomita 8 a lita, ka ga 320 ke nan. Ya ninka na CNG har da ɗori.

Direban Tasi: Oga gaskiya ka faɗa, ni CNG nake amfani da shi, amma 150 ɗin nan ban taɓa gani da idona ba wlh. In sun ɗura maka da sauri tukunyar zafi take ɗauka, geji ya nuna ta cika, kana yin gaba ta huce sai ka ga allura ta sauko. Ranar da layi ya yi tsawo kuma injinsu ya gaji matsin ko bar 180 ba ya kaiwa, ka ɓata awa guda ka tafi da tukunya ba cike ba. Ni dai na saba, sau biyu nake sha a rana.

Hajiya Babba: Ni abin da ya ɓata min rai but ne. Tukunyar ta cinye kusan rabinsa, ga nauyi, ta ƙarfe ce ta kai kilo 60 ko fi, da na ɗauki mutum uku a baya sai motar ta zauna tana karta ƙasa a kan tudun hanya. Sai da aka taɓa min sifirin. A hawa ma ina jin ƙarfinta ya ragu.

Ɗan Gareji: Hajiya ai shi ya sa masu LPG ke sa tankin nan mai zagaye a ramin safaya, but ɗinsu na nan yadda yake, sai dai ka nemar wa safayar wani wurin.

Sabon Shiga: To ai gas gas ne, ya sa na LPG mara nauyin kawai, duk wanda ya samu a hanya ya sha. Na ji ana samun adafta.

Ɗan Gareji: Don Allah ƙanina goge wannan maganar kafin wani ya gwada. Tankin da aka yi wa bar 10 ka danna masa 200? Fashewa zai yi a wurin, da kai da mai ɗurawar. Kayan haɗin ma daban ne tun daga regileta.

Malam Injiniya: Mai tambaya, lissafin tanki ya yi kyau amma hanya ce za ta yanke maka hukunci. Wurin shan LPG tanki da famfo kawai yake buƙata, tanka ta kawo ta juye. Na CNG sai da bututu ko tirela mai jeren tukwane, ga kwamfuresa ga wuta, shi ya sa a wurare da yawa suke taruwa inda bututu ya bi. Amma kar ka ɗauka duk mai saida gas ɗin girki zai iya ɗura wa mota, sai mai famfo da bakin da ya dace da naka. Ka bi hanyarka ta kullum da ta doguwar tafiyar ka ƙirga waɗanda suke aiki da gaske, ba masu allo kawai ba. Da CNG kusan kullum za ka shiga layi, tafiyar 400 kuma sai ka sha kamar sau uku ko ka ƙarasa da fetur. Da LPG kwana uku-uku ne, a tafiyar sau ɗaya a hanya ya ishe ka.

Direban Tasi: Duk da haka ni ba zan canja ba, wurin shan yana bakin hanyata.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, na CNG ɗaya ne tal a hanyar aikina, na LPG kuma sai na yi ratsen kilomita 15. Gobe zan je na CNG ɗin da safe in ga tsawon layin tukuna.