Hadisin "ko da a birnin Sin": in sa shi a bidiyo?

Mai tambaya, Ƙauran Namoda: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa bidiyon minti biyu na walimar saukar ɗaliban Islamiyyarmu, kuma ina son in buɗe da "Ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne". Wani ya ce mini bai inganta ba. Ta yaya zan tabbatar da kaina kafin in ɗora?

Malami daga Gusau: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da nemo lafazin Larabci, don da fassarar Hausa ba za ka iya bin sawun hadisi ba. Kowa da yadda yake fassarawa. Shiga dorar.net, sashen hadisi, ka rubuta kalma biyu ko uku kawai, ba wasali:

```
اطلبوا العلم بالصين
```

Idan ka zuba jimlar duka, harafi ɗaya ya saɓa, sai ya ce babu. Sakamako zai fito da yawa, kuma a nan mutane ke zamewa: su ɗauki na farko su tafi. Ƙarƙashin kowanne akwai sahabin da aka jingina wa, da malamin da ya yi hukunci, da littafi, sannan layin خلاصة حكم المحدث, wato taƙaitaccen hukuncin malamin. Wannan layin za ka karanta, a duk sakamakon, ba ɗaya ba.

Naka, sananniyar hanyarsa ta bi ta wani Abu Atika ne daga Anas ɗan Malik. Bukhari ya ce Abu Atika munkarul hadisi ne, kuma a bakin Bukhari wannan kalma mai nauyi ce ƙwarai. Ibnu Hibban ya ce ɓatacce ne, ba shi da asali. Ibnul Jauzi ya sa shi cikin Almaudu'at, Albani kuma ya kawo shi a Silsila Da'ifa, lamba 416. Ni dai ba zan rubuta "Annabi (SAW) ya ce" a kansa ba.

Ɗan'uwa daga Argungu: Wanga aiki duk bai kai haka ba. Ka duba littattafai shida, in yana ciki ka sa, in babu ka bari.

Malami daga Gusau: Wannan ma'aunin na Bukhari da Muslim ne, Malam. Abu Dawuda, Tirmizi, Nasa'i da Ibnu Majah ba su ɗauki sharaɗin ingantattu kaɗai ba, Tirmizi ma da kansa yake nuna raunin wasu. Kuma akwai ingantattu a Muwaɗɗa da Musnadin Ahmad waɗanda ba su cikin shidan.

Malama daga Birnin Kebbi: Ƙarin da zan yi, a wasu ruwayoyin maganar tana da jela: "domin neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi". Wannan ɓangaren hukuncinsa daban. Yana Ibnu Majah, lamba 224, isnadinsa can mai rauni ne, amma saboda yawan hanyoyinsa Mizzi ya kai shi darajar hasan, Albani ya inganta shi. To idan ka ga "sahih" a allo, duba da kyau wane yanki ake nufi. Sannan "da Musulma" da ake ƙarawa a allunan makarantu, Sakhawi ya ce ba ta cikin hanyoyin hadisin, duk da ma'anar ta haɗa da mata.

Wani daga Yauri: Kar dai ka sa kiɗa ƙarƙashin karatun, kuma rubutun Larabcin yakan juye baya a wasu manhajoji.

Ɗalibi daga Talata Mafara: Allah gafarta Malam, ai Baihaƙi cewa ya yi matanin hadisin Sin ɗin sananne ne, isnadin mai rauni. Kuma malamai sun halatta aiki da mai rauni wajen falalar ayyuka.

Malami daga Gusau: Sun halatta, da sharuɗɗa uku da aka naƙalto daga Ibnu Hajar: raunin kada ya yi tsanani, ya shiga ƙarƙashin wani asali tabbatacce, kuma kada a ƙudurce tabbatarsa. Na farkon nan ne wannan ya faɗi a ganina. Na ukun kuma, wa zai tsare shi a bidiyon da za a yanke daƙiƙa goma a yaɗa ba bayani?

Ɗalibi daga Talata Mafara: Tsananin raunin dai shi ne wurin saɓanin. Zan koma in duba maganar Suyuɗi a kai.

Malama daga Birnin Kebbi: Kafin su gama, ƙanena, ga mafita. Ɗauki hadisin Abu Huraira a Muslim: wanda ya bi hanya yana neman ilimi, Allah zai sauƙaƙe masa hanyar Aljanna da ita. Lamba 2699 a lissafin Fu'ad Abdulbaƙi. Lambobi suna saɓawa tsakanin bugu, don haka buɗe littafin ka gani da idonka, ka rubuta sunan sahabin da na littafin a jikin bidiyon, ba a bayanin ƙasa ba, don shi yakan ɓace in an tura. Fassarar kuma ka kai wa malamin hadisin makarantarku ya duba kafin ka naɗi murya.