Na ninka faɗin zango amma gudun bai ninku ba, ina matsalar take?

Sagiru: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka. Na haɗa gini biyu da rediyon sadarwa, maigidan aikin yana son ya ga Mbps 50 kafin ya sa hannu, kuma ya matsa min lamba, ni kuwa tun farko ba ni na zaɓi kayan ba. Allon yana nuna SNR, wato ƙarfin sigina a kan hayaniya, dB 3 a kan zango mai faɗin MHz 20. Na sa a lissafin Shannon, `C = B log2(1 + S/N)`, inda `C` shi ne iyakar gudu, `B` kuma faɗin zango, ya ba ni Mbps 40. Sai na mayar da zangon MHz 40 don in samu 80, amma da ƙyar gudun ya motsa. Lissafin ne ƙarya ko na'urar?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Lissafin lafiya lau yake, abin da ka zuba masa ne bai yi ba. `S/N` ba a sa shi da dB. dB 3 yana nufin sigina ta ninka hayaniya sau 2, don haka `log2(3)` za ka ɗauka, wato 1.58, ka ninka da miliyan 20. Mbps 31.7 ke nan, ba 40 ba.

Babban abin yana gaba. Hayaniya a shimfiɗe take a kan zango, `N = N0 × B`, inda `N0` ita ce hayaniyar da ke cikin kowane Hz. Da ka buɗe zuwa MHz 40, hayaniyar da ke shigowa ta ninku, ƙarfin siginarka kuwa yana nan inda yake. `S/N` ya sauko daga 2 zuwa 1, `log2(2)` kuma 1 ne, sai ka tashi da Mbps 40. Ribar ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan abu ba. Ko ka yi ta buɗewa har abada, iyakarka `1.44 × S/N0`, a wajenka kusan Mbps 58. Kuma wannan rufi ne, ba alkawari ba. Abin da Shannon ya tabbatar a 1948 shi ne ƙasa da `C` akwai hanyar tsara saƙo da za ta rage kuskure yadda ake so, sama da shi babu. Bai ce rediyonka za ta kai can ba.

Hajara: Ka sa amfilifaya a ɓangaren karɓa mana, sigina ta ƙaru, magana ta ƙare.

Injiniya Bala: Malama Hajara, amfilifaya ba ta tantancewa, da sigina da hayaniyar da suka shigo tare take ɗagawa, ta kuma ƙara tata. Takan yi amfani idan an ɗaure ta daf da eriya kafin doguwar waya, shi ke nan. Sagiru, koma MHz 20 ka nemi ƙarfi. Ninka ƙarfin turawa zai kai ka `log2(5)`, Mbps 46. Eriyar da za ta ƙara dB 6 za ta kai `S/N` zuwa 8, rufin ya zama 63.

Sagiru: Ranka ya daɗe, eriyar ba ta da laifi, na saita ta da kyau. Kuma takardar na'urar ta ce MHz 40 ya fi sauri, ba da ka na yi ba.

Injiniya Bala: Ya fi sauri ga mai sigina mai ƙarfi. Wanda ke da dB 20 a MHz 20 yana da rufin 133, in ya buɗe zuwa 40 ya koma 227. Shi zango ne ya yi masa kaɗan. Kai sigina ce ta yi maka kaɗan.

Ɗanlami: Ni ma tawa tana wani ƙugi idan rana ta take, kuma wanda ya sayar min ya daina ɗaukar waya. Ita ce hayaniyar da kuke faɗa?

Hajara: A'a Ɗanlami, wannan fanka ce ko abin caji. Amma Injiniya, akwai inda ban yarda ba. Lissafin nan ya ɗauka hayaniyar shimfiɗaɗɗiya ce irin ta zafi, wadda take dBm -174 a kowane Hz, kusan -101 a MHz 20, sai ɗan ƙarin da na'urar ke yi da kanta. Idan allon Sagiru na nuna hayaniya wajen -88, wata rediyo ce ke zaune a tasharsa, kuma buɗe zango ya ƙara jawo maƙwabta ciki. A nan sauya tasha ya fi sayen eriya. Sagiru, nawa `noise floor`, wato matakin hayaniya, yake nunawa, kuma dB 3 ɗin a wane gefe ka karanta?

Injiniya Bala: Ko ma mene ne, dB yake buƙata. Eriya mai siririn baki tana rage kutsen ma.

Sagiru: Ban duba wancan ba, kuma sauya eriya ba ya cikin yarjejeniya. Zan gwada MHz 80 gobe in gani.