Me za mu kira "notis" na ajiye aiki da Hausa?

Maman Hanifa: Jama'a ina neman taimako. Ƙanina ya shekara uku yana aiki a wata maɗaba'a, ya samu wani wurin, sai ya ce in rubuta masa takardar ajiye aiki da Hausa, don maigidansa ita yake karantawa. Na iso kan "notis" na tsaya cak. A baki kowa notis yake cewa, amma a takarda sai na ji kamar mai gida ne yake korar ɗan haya. Na sa "sanarwa", ita ma ba ta kwanta mini ba.

Ɗan Fagge: Sanarwa ai ta yi, Hajiya. Ka sanar za ka tafi, shi ke nan. Kuma wata ɗaya ne ga duk mai karɓar albashin wata.

Malam Bala: Ɗan Fagge, rabin maganarka daidai ne. Notis abu biyu ya haɗa: takardar da ka miƙa, da kwanakin da za ka ci gaba da aiki bayan ka miƙa ta. Sanarwa ta ɗauki na farko, ta bar na biyu a ƙasa, kuma a kan na biyun ake rigima. Ni "wa'adin ajiye aiki" nake rubutawa.

Batun wata ɗaya kuwa, ba kowa ba ne. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ɗora abin a kan daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Sama da wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Sai wanda ya kai shekara biyar ne wata ɗaya ya hau kansa. Wannan shi ne mafi ƙaranci. In takardar ɗaukarsa aiki ta ce wata guda, ita zai bi, don haka Hajiya ki fara duba ta.

Maman Hanifa: Na duba, Malam, ba a ambaci komai ba. Mako biyu ke nan. Amma wa'adi... wallahi in na ji "wa'adinsa ya cika" rasuwa ce take faɗo mini a rai.

Baba Ilu: Ni da na bar aiki sai da na cika shekara 35, kuma tun saura watanni na rubuta. Yaran yanzu mako biyu kawai?

Malam Bala: Baba, taka ritaya ce a aikin gwamnati, ƙa'idarta daban. Hajiya, muna cewa wa'adin mulki, muna cewa an ba ɗan kwangila wa'adi, babu wanda ya tsorata. In kin haɗa ta da "ajiye aiki" ma'anar ta fito.

Abin da ya fi damuna ma ranar ƙarshe ce. Yaushe zai miƙa takardar?

Maman Hanifa: Litinin, 3 ga Maris 2025. Na rubuta "zan bar aiki nan da mako biyu". Shi a lissafinsa Juma'a 14 ga wata zai yi sallama.

Malam Bala: To kin ga inda ake samun matsala. Dokar ta ce ba a ƙirga ranar da aka miƙa takarda. Lissafi zai fara Talata 4 ga wata, kwana goma sha huɗu su cika Litinin 17. In ya tafi ranar 14 ya rage kwana uku, kuma maigida zai iya riƙe wannan hujja a ranar biyan albashi. Sai dai in sun daidaita ya yafe masa, ko ya biya kuɗin kwanakin, doka ta yarda da duka biyun.

Kada kuma ki rubuta "daga ranar 17". Wani zai ce 17 yana aiki, wani ya ce 17 ya riga ya tafi. Ki sa haka: "Na miƙa wannan takarda yau Litinin, 3 ga Maris 2025. Ranata ta ƙarshe a bakin aiki ita ce Litinin, 17 ga Maris 2025, zuwa lokacin tashi." Ya yi kwafi biyu, maigida ya sa hannu da kwanan wata a kan na ƙanin naki.

Ɗan Fagge: A taƙaita mana a ce "ranar sallama".

Maman Hanifa: A'a, in aka ce an sallami mutum daga aiki kora ake ji, shi kuwa da ƙafarsa zai fita. Na ɗauki "ranar ƙarshe a bakin aiki", ko da ta yi tsawo. Wa'adin ne dai har yanzu nake juyawa. In na ce "kwanakin sanarwa" fa, Malam?

Malam Bala: Tana da ma'ana, sai dai kunnena bai saba da ita ba. Karanta wa ƙanin naki duka biyun, ki ji wacce zai gane ba tare da kin yi masa bayani ba.