Waɗanda aka yi wa canjin gwiwa, yaya kuka yi da gashin ƙashi?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 9 da yi wa Hajiyarmu aikin canjin gwiwar dama, shekarunta 64. Washegarin aikin aka tsayar da ita da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta taka daga gado zuwa bakin ƙofa, har muka yi ta murna. To tun da muka dawo gida Gwammaja abu ya tsaya. Da an taɓa ƙafar sai ta ce a ƙyale ta ciwon ya warke tukuna. Jiya mai gashin ya auna ya ce lanƙwasar digiri 65 ce, kuma ransa ya ɓaci da ya ga filon da muke sa mata a ƙarƙashin gwiwa. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanya ya gaya mana yadda ya yi, don ni dai ba na iya jin kukanta.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki fara cire filon nan yau, kafin ma ki gama karanta maganata. Nawa aikin shekara 2 ke nan, a asibitin ƙashi na Dala aka yi, gwiwar hagu. Filon daɗi gare shi, na sani, amma gwiwar da ta saba kwana a ɗan lanƙwashe haka za ta sandare, ta ƙi miƙewa. Ni tawul aka naɗe aka sa min a ƙarƙashin dunduniya, gwiwar tana reto a iska, nauyinta yana jan ta ƙasa. Minti 10 na farko na ɗauka raina zai fita.

Abin da na yi a makon farko kaɗan ne, maimaitawar ce da yawa. Ina kwance in riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, duk awa ɗaya idan ba barci nake ba. Sai in ɗaure naman cinya in danna bayan gwiwa a katifa, in ƙirga 5, in saki, sau 10. Sai jan dunduniya zuwa mazaunai. Wannan na ukun shi ne mai zafin. Jikana ne ya yi dabara, ya sa min ledar Bako a ƙarƙashin dunduniya don ta riƙa sulɓi a kan zanin gado, ni kuma na rataya rawanina a tafin ƙafa ina jawowa da hannu. Ranar da aka cire ɗinki, kwana 14, na kai 90.

Hajiya Babba 'Yankaba: Ni ce misalin abin da kike tsoro, don haka ki karanta wa Hajiya wannan da babbar murya. Na yi irin nata. Na ce ai ciwo sai da hutu. 'Yan dubiya kuma kowa ya shigo sai ya ce sannu, kar ki motsa, a kawo miki ruwa, a kawo miki buta. Sau biyu a mako nake zuwa gashi, tsakanin nan ba na taɓa komai. Da na cika mako 7 ina digiri 75, kujerar roba ma sai na miƙar da ƙafar gaba nake iya zama, adaidaita sahu kuwa sai dai a ɗauke min shi ni kaɗai in zauna a karkace. Likita ya ce naman tabo ya kama a ciki. Aka mai da ni ɗakin tiyata, aka sa ni barci, ya lanƙwasa ƙafar da ƙarfi har tabon ya saki, ba yanka. Na farka da kumburi sabo, na sake fara gashi daga farko, kullum wannan karon. Yanzu ina 105. Ya ishe ni zama da hawa bene, amma na biya kuɗi sau biyu, na sha zafi sau biyu.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara sauƙi. Amma ni a ganina kuna wahalar da tsohuwa ne. Gashi ai sunansa gashi. A dafa ruwa a sa tawul a gasa mata safe da yamma, a bi da man zafi, jijiyoyin za su saki da kansu. Lokacin da na karye a babur haka mai ɗori ya yi min, wata 2 na miƙe.

Mai Gashin Ƙashi: Baban Khalifa, karaya daban, wannan daban. Kai ƙashinka ake jira ya haɗe, shi ya sa aka ɗaure aka hana shi motsi. Ita Hajiya an goge bakin ƙasusuwan ne aka sa ƙarfe da roba, yawanci ana kafe su da siminti na musamman, tun ranar farko suna ɗaukar nauyinta. Ba abin da ake jira ya haɗe, naman da ke kewaye ne ake tsere da shi kafin ya ƙanƙame. Sunan gashin nan yana ba mu wahala a wurin aiki, don mutane suna zuwa da tunanin ruwan zafi. Gwiwar da aka yi wa aiki kwana 9 da zafinta da kumburinta, sanyi take so. Ƙanƙara a cikin tawul, minti 15 zuwa 20, bayan kowane motsa jiki, ƙafar a ɗage sama da ƙirji. Man zafi kuma kada ya kusanci ɗinki. Inda kake da gaskiya shi ne can gaba, bayan makonni, idan ciwon ya rufe kumburi ya sauka, ɗumi a naman cinya kafin motsi yana taimaka wa wasu.

Maman Ilham, 65 a kwana 9 ba abin tashin hankali ba ne, amma ba wurin zama ba ne. Muna son 90 wajen mako 2 zuwa 3, sannan 110 zuwa 120 kafin wata 3. Lambobin nan ba ado ba ne. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana cin kamar 60 zuwa 65, tashi daga kujera kamar 90 da ɗoriya, saukowa daga bene kusan 100. Miƙewa kuwa sifiri muke so, ƙafar ta kwanta ɗoɗar. Idan ta rage ko da digiri 10 ne, za ta riƙa ɗingishi, cinyar ta gaji da wuri, kuma wannan ya fi lanƙwasa wuyar gyarawa daga baya.

Tambaya ɗaya: yaushe take shan maganin ciwon?

Maman Ilham: Gaskiya sai ciwon ya matsa mata. Tana cewa ba ta son jikinta ya saba da ƙwaya. Ƙanƙara kuma ga halin wuta, firjinmu kwana 3 bai daskarar da komai ba.

Mai Gashin Ƙashi: To ga rabin matsalar nan. A ba ta abin da likita ya rubuta kamar minti 30 zuwa 45 kafin a fara, ba bayan ta gama kuka ba. Kuma a raba aikin kashi 3 ko 4 a yini, gajere gajere, ya fi a tara mata awa guda. Zafin motsa jikin da ya lafa cikin awa 1 ko 2 ba komai. Idan ta kwana da shi, gari ya waye gwiwar ta fi jiya kumburi, kun wuce gona da iri, ku rage. Abin da ba a jira da shi: sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ɗinki. Wannan asibiti ne nan take. Maganin hana daskarewar jinin da aka ba ta kuma kada a yanke shi kafin ranar da aka ce.

Anti Zee: Maganar ƙanƙara, mu wajen masu sayar da ruwan leda muke saye. Leda 4 daskararru a naɗe a tawul sun isa, idan sun narke a sha. Ni wata 5 ke nan. Na ajiye ƙarfen dogarawa a mako 3, na koma sanda, kuma sai da aka gyara min riƙo, ashe a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙe ta. Bene kuma mai lafiya ce ke fara hawa, mai aiki ce ke fara sauka. Na koma shagona a Kwari a wata na 3, rabin yini. Har yanzu da yamma gwiwar tana ɗumi, tana ƙas ƙas idan na juya, gefen tabon ta waje kuma kamar ba fatata ba, ba na jin taɓi. An ce min duk ba komai.

Amma ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Sallah fa? Har yau a kujera nake yi, kuma raina bai kwanta ba.

Tsohon Hedimasta: Ni na koma sujada a ƙasa bayan wata 8. Nakan shimfiɗa darduma biyu, in dafa kujera in sauka da ƙafa mai lafiya, zaman tahiya kuma in miƙar da ta hagu gefe. Zama a kan dunduniya irin na da, wannan ya tafi. Masai ma na canza, na sa na zama, wankin ƙafa a alwala kuma a kan benci.

Hajiya Babba 'Yankaba: Malam kai dai ka yi sa'a. Ni likitana cewa ya yi kada in kuskura in durƙusa a kanta har abada.

Mai Gashin Ƙashi: A nan likitocin ma ba bakinsu ɗaya ba. Wasu suna bari a durƙusa a kan abu mai taushi bayan 'yan watanni, wasu suna hanawa, mutane da yawa kuma an ba su izini amma jin tabon a ƙasa ne ke hana su. Zaman tahiya cikakke da tsuguno suna neman abin da ya kai 140 ko fiye, mafi yawan gwiwoyin da aka canza ba sa kaiwa can. Kowa ya tambayi wanda ya yi masa aikin, shi ya san irin ƙarfen da ya sa. Hukuncin sallar kujera kuma na bar wa malamai, ni ma'auni ne a hannuna.

Anti Zee: To zan tambaye shi ranar Talata. Wancan karon kunya ce ta hana ni.

Maman Ilham: Na dawo da labari bayan kwana 12. Mun cire filon, kwana 2 ba ta yi min magana ba. Saƙon Hajiyar 'Yankaba sau biyu ta sa na karanta mata. Yanzu bayan asuba, bayan azahar da bayan isha'i take yi, don da lokutan sallah ne kawai ba ta mantawa. Jiya an auna, lanƙwasa 88. Miƙewar ce ta rage digiri 5, mai gashin ya ce mu ƙara lokacin tawul a dunduniya. Ɗaga ƙafar a miƙe kuma har yanzu sai na ɗan tallafa mata a farko, gwiwar tana saki kafin dunduniya ta bar katifa. Malam, kai a wane mako ka iya ɗagawa kai kaɗai?