Hoton atamfa biyu, wacce ce Holandis ta ainihi?

Maman Sadiq:
Salam 'yan uwa dan Allah ku taya ni dubawa, lefen ƙanina muke haɗawa a nan Ringim, wata mai saida kaya ta turo min hoton turmi biyu zane iri ɗaya kala ɗaya, wai ɗaya Holandis ɗaya kwafi, na ƙura ido har na gaji wallahi ban ga bambanci ba kuma kuɗin ba kaɗan bane.

Ummi Gujungu:
Ki duba sitika kawai, mai ƙyalli ita ce orijina.

Anti Tela Ɗambatta:
Ummi sitika kam ana dubawa, amma ƙyalli ba hujja bane, na sha ɓare mai ƙyalli a jikin jabu. Maman Sadiq hoton turmi a naɗe ba zai gaya miki komai ba. Ki ce ta ware kamar yadi biyu a tsakar gida da rana ta ɗauko miki bakin atamfar inda aka rubuta VLISCO, akwai lambar zane a wurin, ki haɗa ta da lambar da ke kan takardar da aka manna, in suka saɓa to magana ta ƙare. Sai kuma ɗige-ɗigen nan da kaki ke bari a jikin kala. A ta ainihi in kika bi fure ɗaya zuwa inda ya sake dawowa za ki ga ɗigon ya canza wuri, don kakin ba ya fita iri ɗaya sau biyu. Ta kwafi kuwa zana ɗigon aka yi aka buga, shi yasa duk fure ɗigonsa na nan wuri ɗaya sak kamar hatimi. Ki buɗe hoton sosai ki gwada fure biyu, ni da shi na fi kama su.

Maman Hanifa:
Ni dai jiƙa gefe nake a ruwan sabulu, in ta zuba shikenan.

Maman Sadiq:
Yaya ai bata zo hannuna ba tukuna, hoto ne kawai.

Hajiya Iya:
Bara haka ta faru da ni a lefen ɗana. A hoto gaban ya yi kyau, da kaya suka iso na juya bayan sai na ga ya koɗe fari-fari. Ki sa ta naɗo gefe ɗaya yadda ciki da bai za su fito a hoto guda.

Anti Tela Ɗambatta:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai akwai kwafi mai tsada da bayanta ma ya kama kala, wannan ƙananan kawai yake tonawa.

Maman Sadiq:
Ta turo yanzu. Ta hagu bayanta ya koɗe, ta fita. Ta dama lamba ta yi daidai, amma hoton ya yi dishi-dishi bana ganin ɗigon, kuma tabarmar da ke ƙasa ba irin ta hoton farko bace. Anti ko dai ba turmin bane? Na ce ta ɗora cokali a kai ta sake ɗauka, har yanzu shiru.