Na bar jaka a jirgin ƙasa, wasiƙata ba ta gamsar da manajan tasha ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Talata na hau jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Kaduna, garin saurin in samu motar Katsina na sauka na bar jakata a saman kujera. Sai da muka wuce Zariya na farga.

Na rubuta wa manajan tasha wasiƙa, ƙanena da ke Kaduna ya kai masa hannu da hannu. Na sa ranar tafiya, jirgin safe ne, lambar tarago da ta kujera, na haɗa da hoton tikiti. Inda na yi sakaci, "baƙar jakar goyo" kawai na ce. Aka ce masa irinta uku ke ajiye, ba za a bayar ba sai da shaida. Gaskiyarsu ce.

Tawa zik ɗin aljihun gaba ya lalace, da fil na maƙale shi. A ciki akwai takardun makarantata na asali, shadda yadi biyar da kuɗi a ambulan.

A wasiƙa ta biyu, in lissafa kayan ciki har da adadin kuɗin, ko alamomin waje da sunan da ke kan takardun sun isa? Na gode.